Kafin A Sayi Injin Niƙa, A Mai Da Ribar Gobe Kuɗin Yau

A kusan kowane taron kwamitin raya ƙauye akan kawo shawarar wani sabon aiki. Wannan ya ce a sayi injin niƙa, wancan ya ce injin ban ruwa, wani kuma ya ce a gina ɗakin kaji. Idan aka tambayi mai shawara ko aikin zai biya kansa, sai ya ɗauki alli ya tara abin da za a samu shekara da shekara, ya ɗebe abin da za a kashe, ya nuna abin da ya ragu. In ragowar tana da kauri sai a tafa hannu, a ce a kama aiki.

Mu dai muna ganin wannan lissafi bai cika ba. Ya ɗauki nairar da za a fitar yau da nairar da za ta shigo bayan shekara biyar kamar nauyinsu ɗaya ne, alhali kuwa ba ɗaya ba ne. Akwai hanyar da masanan tattalin arziki suke bi su gyara wannan, watau su mai da kowane kuɗi na nan gaba zuwa darajarsa ta yau, sa'an nan su ɗebe jarin da za a zuba. Abin da ya ragu shi ne za mu riƙa kira tsantsar ribar yau. Ra'ayinmu shi ne, kada wata ƙungiya ta zuba kuɗinta cikin aikin neman riba sai ta yi wannan lissafi tukuna. Amma kuma muna ganin yana da iyakarsa, wadda ya kamata a sani.

Dalilin da ya sa nairar gobe ba ta kai ta yau ba

Hausawa sun riga sun faɗa, ƙwai a baka ya fi kaza a akurki. Mutumin da aka ba shi naira dubu ɗari yau yana iya sayen rago ya yi kiwo, ko ya sayi hatsi da kaka ya ajiye zuwa bazara, ko ya sayi taki ya zuba a gona. Wanda aka ce sai baɗi za a ba shi dubu ɗarin ya rasa duk abin da kuɗin zai haifa masa cikin wannan shekara. Jira yana da tsada, ko da farashin kaya bai motsa ba, ko da mai alkawari ba zai saɓa ba.

A ce ƙungiya ta san kuɗinta yakan kawo ribar kashi 10 bisa ɗari a shekara a sana'ar da ta saba. To naira 100,000 ta yau za ta zama 110,000 baɗi. Idan muka juya maganar, naira 110,000 ta baɗi daidai take da 100,000 ta yau. Don a san darajar kuɗin baɗi a yau, sai a raba shi da 1.1. Na baɗin baɗaɗa a raba shi da 1.1 sau biyu, na shekara ta uku sau uku, haka har ƙarshe. Wannan kashi 10 bisa ɗari shi ne za mu kira ma'aunin ragi.

Domin sauƙi, ga abin da naira ɗaya ta nan gaba take komawa yau idan ma'aunin ragi kashi 10 ne: ta shekara ta ɗaya 0.909, ta biyu 0.826, ta uku 0.751, ta huɗu 0.683, ta biyar 0.621. Watau naira dubu da za ta zo bayan shekara biyar, naira 621 ce kurum a hannunmu yau.

Dabarar ba sabuwa ba ce. Wani masanin lissafi na ƙasar Italiya, Fibonacci, ya yi irin wannan kwatanci tun a shekarar 1202. Irving Fisher na Amirka ya shimfiɗa tushenta a littattafansa na 1907 da 1930. A 1972 kuma J. Price Gittinger ya rubuta wa Bankin Duniya littafi kan auna ayyukan noma, wanda ma'aikatan gona na ƙasashe da yawa suka koyi wannan hanya daga cikinsa. Ba ta bukatar kome sai takarda, da fensir, da haƙuri.

Wani ɗan'uwa yana iya cewa, ashe wannan ba lissafin kuɗin ruwa ba ne? Amsa ita ce, ba a ba kowa rance a nan, ba a kuma karɓi kome daga hannun kowa ba. Awo ne kawai na abin da kuɗin zai iya kawowa in an sa shi a wata sana'a ta halal. Mai kiwon raguna da bai taɓa shiga banki ba, shi ma yana da nasa ma'aunin.

Misalin injin niƙa

Bari mu ɗauki misali mu bi shi daki-daki. Alkaluman nan na kwatanci ne, mun zaɓe su don su yi sauƙin bi. Kowace ƙungiya sai ta sa nata bisa ga farashin kasuwarta.

A ce ƙungiyar mata ta wani ƙauye tana so ta kafa injin niƙa. Inji da kan niƙa naira 1,500,000. Ɗaki da dasawa da kuɗin mota naira 500,000. Jari duka ke nan naira 2,000,000, kuma yau za a fitar da shi. Ana sa ran injin zai yi shekara biyar yana aiki.

Ana zaton za a niƙa kwano 40 a rana, kowane kwano naira 200, cikin kwana 300 a shekara. Kwano 12,000 ke nan, kuɗinsu naira 2,400,000. Abin da za a kashe kuwa: mai naira 900,000, albashin mai niƙa naira 480,000, baƙin mai da bel da feƙe faranti da ƙananan gyare-gyare naira 320,000. Duka naira 1,700,000. Saboda haka a shekara mai kyau naira 700,000 za ta ragu.

Amma shekaru ba su zama ɗaya. A shekara ta fari mutane ba su saba ba tukuna, sai mu sa naira 500,000. Ta biyu 700,000. A ta uku za a kwance injin a yi masa babban gyara na naira 200,000, sai 500,000 ta ragu. Ta huɗu 700,000. A ta biyar 700,000, a haɗa da naira 200,000 da za a samu in an sayar da tsohon inji da kwanon rufi, watau 900,000.

Mai alli zai tara waɗannan ya sami naira 3,300,000, ya ɗebe jari, ya ce riba naira 1,300,000 ce. To bari mu mai da su kuɗin yau da ma'aunin kashi 10:

Shekara ta 1: 500,000 sau 0.909 ya ba da 454,500
Shekara ta 2: 700,000 sau 0.826 ya ba da 578,200
Shekara ta 3: 500,000 sau 0.751 ya ba da 375,500
Shekara ta 4: 700,000 sau 0.683 ya ba da 478,100
Shekara ta 5: 900,000 sau 0.621 ya ba da 558,900

Jimla naira 2,445,200. A ɗebe jarin 2,000,000, wanda ba a rage masa kome domin yau ne za a biya shi. Tsantsar ribar yau naira 445,200 ce.

Mene ne ma'anar wannan adadi? Ma'anarsa ita ce, injin zai mayar da jarin duka, zai biya kashi 10 ɗin da kuɗin zai kawo a wata sana'a, sa'an nan ya bar ƙarin da ya kai naira 445,200 a kuɗin yau. Ƙa'idar mai sauƙi ce. In abin da ya ragu ya haura sifiri, aikin ya fi barin kuɗin a inda yake. In ya gaza sifiri, gara a bar kuɗin a sana'ar da aka saba. A nan injin ya tsallake, amma a lura, ribar da aka yi wa tafi ta ragu zuwa wajen sulusinta.

Wanda yake da kwamfuta yana iya sa ta ta yi masa, sai dai akwai tarko ɗaya. Umurnin NPV na Excel yakan ɗauki adadin farko a matsayin kuɗin ƙarshen shekara ta ɗaya. In aka cusa jarin a ciki, shi ma sai a rage shi, amsar ta karkace. Ana ɗebe jarin ne daga waje:

```
=NPV(10%,500000,700000,500000,700000,900000)-2000000
```

Wannan zai ba da wajen naira 445,650. Ɗan bambancin ya zo ne domin mun gajarta alkalumanmu na takarda.

Ma'aunin ragi shi ne alƙalin shari'ar

Yanzu a ce matan nan suna da sana'ar da ta fi wannan kawo riba, misali sayen gyaɗa da kaka a matse mai a yi ƙuli-ƙuli, kuma littafinsu ya nuna jarin yakan kawo kashi 20 bisa ɗari a shekara bayan an fid da ladan aikinsu. Sai ma'aunin ragi ya zama 20. Naira ɗaya ta koma 0.833, da 0.694, da 0.579, da 0.482, da 0.402 bi da bi. In an sake lissafin, jimlar za ta zama naira 1,891,000. A ɗebe jari, sai a ga an gaza da naira 109,000.

Inji ɗaya ne, ƙauye ɗaya, kwano arba'in ɗin nan ne, amma hukunci ya juya. Injin bai yi hasara a littafi ba, gama kuɗin da ya shigo ya fi wanda ya fita. Sai dai ya ɗaure naira miliyan biyu wadda za ta fi haihuwa a wani wuri. Idan aka yi ta gwada ma'auni iri-iri za a tarar ribar yau tana komawa sifiri tsakanin kashi 17 da 18. Wannan shi ne iyakar ƙarfin injin. Ƙungiyar da kuɗinta yake kawo abin da bai kai haka ba, injin ya yi mata. Wadda nata yake kawo fiye da haka, bai yi mata ba.

Saboda haka muna roƙon kwamitoci kada su bar mutum ɗaya ya zaɓi ma'auni a ɓoye. Mai son aikin zai sa ƙarami, mai ƙinsa zai sa babba, kowa kuma ya fito da takarda mai alkaluma masu ban sha'awa. A yarda da ma'auni a gaban jama'a tun kafin a taɓa lissafi, a kuma rubuta dalilinsa cikin littafin taro. Tambayar da za a yi ita ce: in ba mu yi wannan aiki ba, ina za mu sa kuɗin, kuma nawa zai kawo? A duba abin da ya auku cikin shekaru uku ko huɗu da suka wuce, har da shekarar da aka yi hasara. Sa'an nan a tabbata cewa waccan sana'a tana iya ɗaukar kuɗin duka. Sana'ar da take kawo kashi 20 a kan jarin dubu ɗari biyu ba lalle ta kawo haka a kan miliyan biyu ba, domin kasuwar ƙuli-ƙuli ta ƙauye tana da iyaka.

Haka kuma kuɗin kyauta. Sau da yawa mukan ji ana cewa, ai taimako ne aka ba mu, ba mu da abin da za mu yi hasara. Wannan kuskure ne. In masu taimako sun yarda a zaɓi aikin da za a yi, to miliyan biyun da ta tafi ga inji ita ce ba ta tafi ga rumbun hatsi ba. Kuɗin kyauta ma yana da ma'auninsa.

Tsadar kaya: kada a gauraya mudu biyu

A nan ne masu lissafi da yawa suke tuntuɓe. A misalinmu mun bar kwano a naira 200 har shekara biyar, mai ma mun bar shi a farashin yau. Kowa ya san ba haka zai zama ba. Hukumar ƙididdiga ta Nijeriya ta ce hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 bisa ɗari a watan Disamba na 2024, a watan Nuwamba na 2024 kuma Babban Bankin Nijeriya ya kai ma'auninsa na kuɗin ruwa kashi 27.5. A irin wannan hali yaya za a yi?

Hanya biyu ce, kuma kowace daidai ce in an bi ta har ƙarshe. Ta fari, a bar kome a farashin yau, a yi amfani da ma'aunin da aka tsame tsadar kaya daga cikinsa. Ta biyu, a ɗaga kowane farashi shekara-shekara yadda ake zaton zai tashi, a yi amfani da ma'aunin banki yadda yake. Ga ƙungiyar ƙauye ta farin ta fi sauƙi, ita ce kuma muka bi.

Ga yadda ake tsamewa. A ce banki yana ba da rance a kan kashi 30, kaya kuma suna tashi da kashi 20 a shekara. Sai a raba 1.30 da 1.20, a sami 1.083. Watau nauyin rancen na ainihi wajen kashi 8 ne, sauran duk tsadar kaya ce. Wanda ya bar kwano a naira 200 har shekara biyar, sa'an nan ya rage kuɗin da kashi 30, ya auna da mudu biyu, zai kuwa kashe aiki mai kyau a banza. Wanda kuma ya ɗaga kuɗin niƙa kowace shekara amma ya bar mai da albashi a farashin yau, shi ya yi kishiyar wannan, zai nuna ribar da ba ta nan. Haka ribar gyaɗa da muka ambata: in an sayi buhu da kaka aka sayar da riba kashi 30, amma cikin shekarar kome ya tashi da kashi 20, ribar gaskiya kashi 8 ce, ita ce kuma za a sa a ma'auni.

A girgiza lissafin a ga inda zai karye

Adadi ɗaya a ƙasan takarda bai isa ba, domin an gina shi ne a kan zato. Abin da ya fi amfani shi ne a tambaya, wane abu ne in ya ɗan motsa ribar za ta tafi?

In muka tara alkaluman ragi biyar na kashi 10, za mu sami 3.79. Wannan yana nufin duk nairar da aka rasa kowace shekara har shekara biyar, naira 3.79 ce a kuɗin yau. A raba 445,200 da 3.79, sai a sami wajen naira 117,500. Watau in abin da yake raguwa kowace shekara ya sauka da wannan adadi, ribar yau ta ƙare ƙaƙaf. To yaya girman naira 117,500 yake a bakin injin niƙa?

Kowane kwano yana cin mai na naira 75, yana barin naira 125. Kwano ɗaya a rana har kwana 300 naira 37,500 ke nan. Saboda haka in maimakon kwano 40 ana samun 37 a rana, kusan duk ribar ta tafi. In 36 ne, an shiga gaza. Mutum ɗaya ya kafa wani inji a unguwar gabas, ya janye gidaje kaɗan, shi ke nan.

Kowace ranar aiki tana kawo naira 8,000, mai ya ci 3,000, saura 5,000. In injin yana kwanciya kwana 24 a shekara fiye da yadda aka zata, ana jiran makaniki ko ana neman kayan gyara a birni, ribar ta tafi.

Mai kuwa, in ya fi sauran kaya tashi da kashi 13 bisa ɗari kurum, kuɗin niƙa bai bi shi ba, nan ma ribar ta ƙare. Ba tsoro na banza ba ne. Bayan sanarwar janye tallafin fetur ranar 29 ga Mayu 2023, farashin lita a Nijeriya ya ninka fiye da sau biyu cikin 'yan kwanaki.

Jinkiri ma hasara ne. In an biya kuɗi yau amma injin bai fara aiki ba sai bayan shekara guda, domin ɗaki bai kammalu ba ko an kawo kan niƙa da bai dace ba, duk kuɗin da zai shigo ya ja baya da shekara. Jimlar 2,445,200 ta koma wajen 2,223,000, ribar yau ta zama wajen 223,000. Rabi ya tafi ba tare da an saci ko kwabo ba.

Amma gwajin nan yana kuma nuna inda ƙarfi yake. Ƙarin naira 10 a kan kwano yana kawo naira 120,000 a shekara, wanda ya isa ya ninka ribar yau. To ashe babbar tambaya ga matan nan ita ce, za su iya ƙara kuɗin niƙa a duk lokacin da mai ya tashi, ko kuwa kunyar maƙwabta za ta hana su? Da yawa daga injinan ƙungiya ba rashin ciniki ne yake kashe su ba, jin nauyin ƙara farashi ne da niƙa bashi. Wannan magana ce da za a yanke a taro kafin a sayi inji. Kwano arba'in ɗin ma kada a zata shi. A tura mutum biyu su zauna kusa da injin da ya fi kusa har mako guda da kaka, da mako guda da damina, su ƙidaya.

Abin da za a sa, da abin da za a bari

A sa duk kuɗin da zai fita ko zai shigo saboda aikin, a shekarar da zai fita ko zai shigo. A sa ladan mai aiki ko da 'yan ƙungiya sun ce za su yi kyauta, domin aikin gayya yakan yi zafi a watan fari, ya yi sanyi da faɗuwar damina. In filin da za a gina ɗakin ana noma shi ko ana ba da shi haya, a sa abin da za a rasa.

Abin da aka riga aka kashe kuma ba ya dawowa, a bar shi waje. In bara an zuba naira 300,000 a harsashin ginin da ba mai saye, wannan kuɗi ya tafi ko an ci gaba ko an tsaya. Tambaya ita ce ko kuɗin da ya rage a kashe zai biya kansa. Maganar mun riga mun yi nisa ta jawo wa ƙungiyoyi da yawa hasara a kan hasara. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Kada kuma a ɗebe kuɗin tsufan inji kowace shekara, gama an riga an ɗebe jarin duka tun farko. Yin haka biyan abu ɗaya ne sau biyu.

Inda wannan awo ya gaza

Na fari, ba ya faɗin ko za a sami kuɗi a hannu ranar da ake bukata. A misalinmu jarin ba ya dawowa sai cikin shekara ta huɗu. In rance aka ci wanda za a biya cikin shekara biyu, abin da ya shigo a lokacin naira 1,200,000 ce kawai. Aikin yana da riba, amma mai bin bashi yana bakin ƙofa. Dole a yi takarda ta biyu mai nuna shige da ficen kuɗi wata-wata.

Na biyu, yana ƙidaya abin da yake da farashi ne kaɗai. Matan da suke tafiyar mil uku da hatsi a ka, ko suke wuni a bakin turmi, lokacin da injin zai sauwaƙe musu ba ya cikin akwatin ƙungiya. In lissafin ya nuna an gaza da naira 109,000, jama'a suna da ikon su ce sauƙin nan ya cancanci wannan kuɗi. Abin da muke nema shi ne su faɗi haka ido buɗe, su san nawa ne, su kuma san wanda zai biya.

Na uku, yana danne amfanin da yake nesa. Da ma'aunin kashi 10, naira dubu da za ta zo bayan shekara 20 naira 149 ce yau. Da kashi 3.5 kuwa naira 503 ce. Shi ya sa shuka itatuwa da gyaran zaizayar ƙasa sukan sha kaye a takarda. Masu kula da daji sun daɗe da sanin wannan, tun da Martin Faustmann na Jamus ya yi lissafin darajar ƙasar daji a 1849. Manyan masana ma sun yi gardama a kai. A rahotonsa na 2006 kan sauyin yanayi Nicholas Stern ya yi amfani da ma'auni na wajen kashi 1.4, William Nordhaus kuwa ya ce ya yi ƙanƙanta ƙwarai. Tushen gardamar shi ne nauyin da za a ba jikokin da ba su zo taro ba, wannan kuwa ba fensir ne zai yanke shi ba.

Don haka ba mu ce a auna ko ƙauye ya cancanci ruwan sha mai tsabta da wannan mudu ba. Amma ko a can yana da aiki. In an riga an yarda za a samar da ruwa, ana iya mai da kuɗin ginawa da na gyara na shekara goma zuwa kuɗin yau, a kwatanta rijiyar kankare da famfon tuƙa-tuƙa da mai aiki da hasken rana, a ga wanda ya fi sauƙi a gaskiya. Wani lokaci mai arahar ginawa shi ne mai tsadar riƙewa.

Shawararmu ga kwamitoci

Duk wanda ya kawo shawarar aikin neman riba, a bukace shi da takarda guda mai nuna jari, da abin da zai ragu kowace shekara, da tsantsar ribar yau bisa ma'auni biyu, wanda aka yarda da shi da wani mafi girma. A ƙarƙashi ya rubuta kwano nawa, ko kwana nawa, ko tashin mai nawa ne zai cinye ribar. A karanta wa jama'a da babbar murya, a bar waɗanda suka san sana'ar su ƙalubalanci alkaluman. Malamin makaranta ko ma'ajin ƙungiya yana iya gama wannan lissafi da yamma ɗaya. In takardar ta nuna aikin yana tsaye da ƙafafunsa, a kama shi da ƙarfin zuciya. In ta nuna kwano uku ne tsakaninsa da faɗuwa, a koma a sake shiri, gama ba a fafe gora ranar tafiya.